Gwajin fanel ɗin sola da mita: abin da lambobin ke nufi, da yadda ake gane fanel mai matsala

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, gidaje da shaguna da yawa a Arewa suka koma ga sola. Fanel ya cika kasuwa: akwai sabo fil, akwai na gwanjo da aka kwance daga wasu ƙasashe, akwai kuma wanda takardar da ke bayansa ta ce wat 300 alhali bai kai ba. Daga nan gardama ta yawaita tsakanin mai saye da mai sayarwa da mai haɗawa. Mai sayarwa yakan ɗauko mita, ya nuna bolt 38, ya ce kaya lafiya lau. A kai gida, batir ya ƙi cika har la'asar. Mitar ba ƙarya ta yi ba, sai dai abin da aka tambaye ta bai isa a yanke hukunci da shi ba.

## Lambobi huɗu da ke bayan fanel

Kowane fanel na kirki yana da takarda manne a bayansa, kuma kafin a taɓa mita ita ake fara karantawa. Voc shi ne boltej ɗin da fanel ke bayarwa idan wayoyinsa biyu suna sake, ba a haɗa su da komai ba. Isc shi ne karant ɗin da ke gudana idan aka haɗa wayoyin biyu kai tsaye da juna. Waɗannan biyun ne mitar hannu ke iya aunawa cikin sauƙi. Sauran biyun, Vmp da Imp, su ne boltej da karant a lokacin da fanel ke aiki da cikakken ƙarfinsa, kuma idan aka ninka su da juna ne ake samun wat ɗin da aka rubuta: Vmp × Imp = Pmax.

Idan aka kwatanta da tankin ruwa da ke saman gida, boltej shi ne matsin ruwan, karant kuma yawan ruwan da ke fitowa ta famfo. Bututun da ya toshe saura ƙiris zai nuna matsi daidai muddin famfo na rufe, sai an buɗe a ga ruwan na ɗiga. Haka fanel yake. Mitar da ke auna boltej kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, don haka fanel mai tsatsa a mahaɗa ko mai tsagaggun ƙwayoyi, wato ƙananan murabba'an da ke jere a ƙarƙashin gilashi, zai iya nuna mata Voc mai kyau.

Wani abin da ke jawo rikici shi ne ba a rana aka samo waɗannan lambobi ba. A masana'anta ake auna su bisa ma'aunin da ake rubutawa STC: haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, da zafin ƙwayar fanel digiri 25. Fanel da ke kan kwano a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu yakan kai digiri 60 ko fiye. Zafi na rage boltej da kusan kashi 0.3 cikin 100 a kowane digiri ɗaya da ya haura 25. Fanel mai zafin digiri 60 ya haura da 35 ke nan, saboda haka Voc ɗinsa zai sauka da kusan kashi 10 cikin 100. Wanda aka rubuta wa 39.8 zai nuna kusan 35 ko 36, kuma lafiyarsa ƙalau. Karant kuwa ba ruwansa sosai da zafi, haske yake bi. Idan gajimare ko ƙurar hunturu ta rage hasken da rabi, karant ma ya ragu da rabi, amma boltej ɗin ya sauka kaɗan kawai. Shi ya sa da ƙarfe bakwai na safe, ko ma a inuwar rumfar shago, fanel ke nuna boltej da zai gamsar da mai saye.

## Auna boltej

Wannan shi ne gwaji mai sauƙi, kuma da shi ake farawa. Ana raba fanel da duk abin da yake haɗe da shi. Idan yana cikin tsarin da ke aiki, a kashe birekar da ke tsakanin fanel da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ko inbata tukuna, sannan a zare mahaɗan da ke bakin wayoyin fanel, waɗanda ake kira MC4. Ba a zare su wuta na gudana, kuma a jikin yawancinsu an rubuta wannan gargaɗin.

Baƙar wayar mita tana shiga ramin COM, ja kuma ramin da aka rubuta V ko VΩ. A juya makunnin zuwa boltej na DC, wato irin wutar fanel da batir, wanda alamarsa V ce mai miƙaƙƙen layi da ɗige-ɗige a ƙasa. V mai lanƙwasasshen layi ta AC ce, wato wutar NEPA, idan aka sa a can mitar za ta ba da lambar da ba ta da ma'ana. A mitar da ba ta zaɓar mataki da kanta, a sa a 200, domin matakin 20 bai ɗaukar ko ƙaramin fanel mai ƙwaya 36, wanda Voc ɗinsa ke kusan 21 zuwa 22. Idan allon ya nuna 1 shi kaɗai ko OL, boltej ɗin ya fi matakin da aka zaɓa. Idan lambar ta fito da alamar ragi a gabanta, an juya wayoyin ne kawai, ba illa, har ma da haka ake gane wace waya ce fozitib idan rubutun ya goge.

Lambar da ta zo ƙasa da ta takarda da kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a tsakar rana mai zafi ba abin damuwa ba ce. Wadda ke da labari ita ce wadda ta faɗi da kashi ɗaya cikin uku, ko biyu cikin uku, ko ta tsaya a sifili. Za a zo kan dalilin hakan.

## Auna karant, inda mita ke ƙonewa

A nan ne masu koyo ke asarar mita, wani lokaci har da yatsa. Don auna Isc, ana mayar da jar waya ramin da aka rubuta 10A, a juya makunni zuwa 10A na DC. A wannan yanayi mitar ta zama kamar guntun waya: duk abin da aka haɗa ta da shi, ta haɗe fozitib da negatib ɗinsa.

Ga fanel guda ɗaya wannan ba matsala ba ce. Mutane da yawa suna tsoron haɗe wayoyin fanel zai ƙona shi, domin sun ga abin da batir ke yi. Fanel ba batir ba ne. Iyakar karant ɗinsa abin da hasken rana ya ba shi, kuma Isc bai fi Imp da komai ba sai kusan kashi 5 ko 6 cikin 100. Batir kuwa yana iya turo ɗaruruwan am cikin ƙiftawar ido. Wanda ya gama auna fanel, ya manta jar waya a ramin 10A, ya je ya taɓa kan batir don ya ga boltej, zai ga tartsatsi da narkakkiyar waya. Idan mitar mai fis ce, fis ɗin ya tafi. Ƙananan mitoci masu araha da yawa ba su da fis a wannan rami, an ma rubuta UNFUSED a gefensa. Saboda haka masu aikin suka ɗauki al'adar mayar da jar waya ramin V da zarar an gama.

Kafin a haɗa, a sake duba Isc a takarda. Manyan fanel na yanzu, masu wat 550 da makamantansu, Isc ɗinsu yana kusan am 14, wato ya wuce abin da ramin 10A zai ɗauka. Irin waɗannan sai da mita mai ramin 20A, ko mita mai baki da ake maƙalawa a waya, wadda ake kira kilam. Ita ma sai an tabbata tana auna karant na DC, don masu araha da yawa na AC kaɗai suke aunawa, kuma a kan wayar fanel sifili za su nuna. Da kilam ana haɗa MC4 biyu na fanel ɗin da juna, a danna maɓallin ZERO ko REL, sannan a maƙala bakin a waya ɗaya tak.

Haɗawa da rabawa su ne wurin haɗari. A lulluɓe fuskar fanel da kwali ko bargo mai kauri, ko a kifa shi, a haɗa wayoyin su kama sosai, sannan a yaye. A karanta lambar cikin daƙiƙa 10 zuwa 15, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin mitar, a sake lulluɓewa, sannan a raba. Dalili shi ne wutar DC idan aka raba wayarta tana gudana, tartsatsin yakan ja ya ƙi mutuwa. Wutar NEPA tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, wannan ke taimaka wa tartsatsinta ya mutu da kansa. Ta fanel ba ta da wannan hutun. A fanel ɗaya abin da zai faru shi ne bakin MC4 ko tsinin wayar mita ya ƙone ya yi baƙi, kuma mahaɗar da ta ƙone ita ce za ta riƙa zafi nan gaba.

Lokacin gwaji shi ne tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, sama a washe, gilashi a goge, fanel na fuskantar rana sosai. Hanya mai sauƙi ta sanin hakan ita ce a tsayar da ƙusa ko biro a miƙe a kan gilashin, a karkata fanel har inuwar ta ɓace. A irin wannan yanayi fanel mai lafiya yakan ba da kusan kashi 80 cikin 100 na Isc ɗin takarda ko fiye.

## Jerin fanel ba ɗaya yake da fanel guda ba

Duk abin da aka faɗa a sama na fanel ɗaya ne da aka ware. Idan aka jera fanel a siris, wato fozitib ɗin wannan a haɗe da negatib ɗin na gaba, boltej ɗinsu taruwa yake. Guda goma masu Voc kusan 49 sun doshi bolt 500, kuma inbatocin zamani da yawa irin wannan jeri suke buƙata. Wannan wuta tana kisa, kuma kashe inbata ba ya kashe ta, muddin akwai rana a kan fanel. Auna boltej ɗin jeri yana buƙatar mita da wayoyin da aka rubuta musu 600V ko 1000V na DC tare da alamar CAT III, marasa tsagewa, da busasshen hannu da takalmin roba. Haɗe wayoyin jeri gaba ɗaya ta cikin mitar hannu don auna Isc kuwa ba a yin sa sam. Idan ana son sanin karant ɗin jeri, kilam ake maƙalawa a waya ɗaya yayin da tsarin ke aiki. Mai gidan da ba sana'arsa ba ce, iyakarsa fanel guda a ƙasa. Jerin da ke kan rufi aikin mai haɗawa ne, ga kuma zafin kwano da santsinsa da raɓar safiya.

## Misali: fanel huɗu, batir ba ya cika

A ɗauki shagon sayar da ruwan sanyi mai fanel huɗu iri ɗaya, kowanne wat 300 mai ƙwaya 60. Takarda ta ce Voc 39.8, Isc 9.7, Vmp 32.6, Imp 9.2. An sauko da su, an goge, an auna ɗaya bayan ɗaya da misalin ƙarfe 12 da rabi.

Na farko ya ba da bolt 35.7 da am 8.4. Na biyu bolt 35.5 da am 8.3. Waɗannan biyun sun zama ma'auni: boltej ya sauka da kusan kashi 10 saboda zafi, karant ya kai kusan kashi 86 cikin 100 na takarda, gwargwadon hasken ranar. Wannan ya fi takardar amfani, domin babu wanda ke yawo da na'urar auna ƙarfin haske, amma fanel biyu iri ɗaya a rana ɗaya a minti ɗaya dole su yi kusa da juna.

Na uku ya ba da am 8.3 kamar 'yan uwansa, amma bolt 23.8. Wannan kashi biyu cikin uku ne na 35.7, kuma ba haka kawai ya faɗo a nan ba. An raba ƙwayoyin fanel gida uku, kowane gida ƙwaya 20, kuma a cikin baƙin akwatin da ke bayan fanel akwai dayod uku, ɗaya ga kowane gida. Aikin dayod shi ne ya ba wuta hanyar kewayewa idan inuwa ta rufe gidansa. Idan dayod ya ƙone ya haɗe, sau da yawa saboda tsawa ko inuwar da ke dawowa wuri ɗaya kullum, gidan nan ya fita daga lissafi har sai an canza dayod ɗin. Haka ma idan siririyar wayar da ke haɗa ƙwayoyin gida ɗaya ta yanke, wuta za ta bi ta dayod, a ga kusan wannan lambar. Ana bambancewa ta hanyar lulluɓe fanel, a buɗe akwatin, a sa mita a alamar dayod. Mai lafiya yana nuna kusan 0.2 zuwa 0.5 ta fuska ɗaya, ya nuna OL idan aka juya wayoyin, kuma an fi samun amsa tsaf idan aka cire ƙafarsa ɗaya. Wanda ya haɗe yana nuna kusan sifili ta kowace fuska. Idan dayod ne, gyaran mai araha ne matuƙar akwatin na buɗuwa. Fanel na zamani da yawa an cike akwatinsu da roba, canji sai na akwatin gaba ɗaya. Idan yankewa ce a ƙarƙashin gilashi, babu gyara mai ɗorewa.

Na huɗu shi ne irin wanda ke wucewa a kasuwa: bolt 35.1, lafiya a ido, amma am 4.1 kacal, rabin na sauran. Kafin a ɗora wa fanel laifi, a sake goge gilashi, a duba ko inuwar wani abu ta faɗo, a duba bakin MC4 da cikin akwati ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna, a sake aunawa daga cikin akwatin idan zai yiwu. Idan lambar ta gyaru, waya ce ko mahaɗa. Idan ta tsaya a 4, ƙwayoyin ne suka gaji ko suka tsattsage, kuma sau da yawa ido zai tabbatar: launin ruwan ƙasa a ƙarƙashin gilashi, tabon ƙuna ko kumburi a farar ledar baya, alamar ruwa ya shiga ta gefe.

Illar ba ta tsaya kan waɗannan biyun ba. A haɗin siris, fanel mai am 4 yana janyo karant ɗin jerin ƙasa, ko kuma dayod ɗinsa su kewaye shi a rasa shi ɗungurungum. A haɗin faralel, inda ake haɗa fozitib da fozitib, negatib da negatib, mai bolt 23.8 ne ke janyo boltej ɗin sauran. Fanel biyu marasa lafiya cikin huɗu suna iya cin fiye da rabin wutar shagon.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu sayarwa da ke tsayawa a boltej suna da hujjarsu: gwajin na da sauri, ba ya ƙona mita, ba ya buƙatar tsakar rana, kuma yana kama fanel da ya mutu gaba ɗaya ko wanda dayod ɗinsa ya haɗe. Gaskiya ne, na uku a misalin nan da boltej aka kama shi. Amma na huɗu zai wuce.

Masu haɗawa da ke cewa karant ne komai su ma rabin gaskiya suka riƙe, don na uku ya ba da karant cikakke alhali ya rasa sulusin ƙarfinsa. Akwai kuma masu goga wayoyi biyu su ga tartsatsi su ce akwai wuta. Tartsatsi ba ya bambanta am 4 da am 8, sai dai ya ɓata bakin waya.

Injiniyoyi kuma sukan ce ko an haɗa Voc da Isc ba a ga komai ba, domin su ne ƙarshe biyu na layin aikin fanel, shi kuma a tsakaninsu yake aiki. Wannan ma haka yake. Mahaɗa mai ɗan tsatsa ko ƙwaya ɗaya da ta tsage na iya barin lambobin biyu kusan daidai, amma wat ya ragu idan aka ɗora kaya. Dalili kuwa dayod na kewaye gidan da ke da rauni a lokacin gwajin Isc, sai mitar ta ga karant ɗin gidajen da ke da lafiya. Na'urar da ke zana cikakken layin aikin fanel tana da tsada, ba kowane mai haɗawa ke da ita ba. Abin da ya rage ga mai mita shi ne gwaji na uku: a mayar da fanel kan kwantirola da batir da bai cika ba, a auna boltej da karant yana cikin aiki, a kwatanta da ɗan uwansa.

## Wat ɗin bogi, da laifin da ba na fanel ba

Ga mai saye, lambobin biyu suna ba da ƙiyasin wat na gaskiya. A fanel mai lafiya, Voc × Isc × 0.75 yana kusa da ƙarfin da zai iya bayarwa a wannan hasken. Na farko a misalin: 35.7 × 8.4 × 0.75, kusan wat 225, abin da ake tsammani daga fanel mai wat 300 a zafin Arewa. Fanel da aka rubuta wa 300, amma a rana tsaka mai haske ya ba da bolt 20 da am 7, wat ɗinsa kusan 105 ne, wato na 150 ne aka canza wa takarda. Girma ma shaida ne. Fanel na zamani yana ba da kusan wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, don haka wanda faɗinsa da tsawonsa ba su kai murabba'in mita ɗaya ba, ba zai zama wat 300 ba ko me aka buga a bayansa. Na gwanjo kuwa a sa ran ya ɗan ragu, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a kowace shekara idan an kula da shi. Raguwar kashi 30 ko 40 ba tsufa ba ne, lalacewa ce, kuma farashi ya kamata ya nuna hakan.

Akwai kuma lokacin da mita za ta wanke fanel, a koma neman matsalar a wani wuri. Kwantirola irin PWM tana janyo boltej ɗin fanel ya daidaita da na batir. Fanel mai wat 300 da Vmp 32.6, idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta PWM, zai ba da kusan am 8 ko 9 a bolt 13.5, wato ƙasa da wat 125. Sauran ƙarfin bai ɓata a cikin fanel ba, ba a ɗebo shi ba ne, kuma kwantirola irin MPPT ce ke ɗebo shi. Haka kuma idan batir ya cika, kwantirola na rage karant da gangan, sai a ga am 1 ko 2 a tsakar rana a zaci fanel ya mutu. Siririyar waya mai nisa daga rufi zuwa ɗaki ita ma tana cinye boltej: a auna a bakin fanel da bakin kwantirola yayin da ake caji, bambancin da ya wuce kashi 3 cikin 100 na waya ne ko mahaɗa, kuma canza fanel ba zai gyara shi ba.